Gajiyar Ƙarfe a Shaf Mai Juyawa: Iyakar Juriya da Gyaran Matsakaiciyar Takura

Gajiyar ƙarfe ita ce karyewar da ke samun ƙarfe bayan an ɗora masa nauyi an sauke sau dubbai ko miliyoyi, alhali nauyin bai kai wanda zai karya shi a ɗora ɗaya ba. Shaf, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da fuli ko giya tana isar da juyi daga inji zuwa abin da ake juyawa, yana cikin sassan da wannan cuta ta fi kamawa. Dalilin yana cikin juyawar kanta. Idan bel ya ja fuli ƙasa, shaf ɗin yakan ɗan lanƙwasa, gefensa na sama ya miƙe, na ƙasa ya matse. Da ya yi rabin juyi sai gefen da ya miƙe ya koma ƙasa ya matse. Jan bel bai canza ba ko kaɗan, amma kowane ɗigo a fatar shaf ɗin yana shan ja da matsi sau ɗaya a kowane juyi.

A wannan maƙala, takura na nufin ƙarfin da ke kan kowane murabba'in milimita na ƙarfe, kuma ana auna ta da MPa. Ƙarfin tsinkewa, Sut, shi ne takurar da ke tsinka ƙarfe idan aka ja shi sau ɗaya. Ƙarfin lauyewa, Sy, shi ne takurar da idan aka wuce ta ƙarfe ba ya komawa siffarsa ta farko.

Asalin binciken

Jiragen ƙasa ne suka tilasta wa injiniyoyi duba wannan matsala. A ranar 8 ga Mayu 1842 aksil ɗin kan jirgin da ya taso daga Versailles zuwa Paris ya karye a Meudon, taragai suka hau juna suka kama wuta, mutane fiye da hamsin suka mutu. A 1843 injiniyan Scotland, William Rankine, ya bincika karyayyun aksiloli ya nuna cewa tsagar tana farawa ne daga lungu mai kaifi inda kaurin aksil ya canza, sannan ta riƙa ci a hankali. Wanda ya mayar da abin ilimi mai awo shi ne August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, wanda ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi daban-daban yana ƙirga juyin da kowace ta yi kafin ta karye. Ya nuna sakamakonsa a baje kolin Paris na 1867, ya kuma fitar da cikakken rahoto a 1870. Abu biyu ya tabbatar: tazarar da ke tsakanin takura mafi girma da mafi ƙanƙanta ce ke kashe ƙarfe fiye da girman takurar ita kaɗai, kuma akwai matakin da idan ba a wuce shi ba sandar ba ta karyewa komai daɗewar juyi.

Iyakar juriya

Wannan mataki shi ake kira iyakar juriya. A ɗakin gwaji ana samunta da injin R. R. Moore, wanda ke juya ƙaramar sanda mai kaurin milimita 7.6 da aka goge ta har tana sheƙi. Ana gwada sanduna da yawa, kowace da nata nauyin, a zana takura a gefe ɗaya da adadin juyi a ɗaya gefen. Ga ƙarfen sitil, layin yakan gangaro daga juyi dubu ɗaya, sannan wajen juyi miliyan ɗaya ya kwanta ya miƙe. Tsayin wannan kwantaccen layi shi ne iyakar juriyar samfurin gwaji, Se′. Idan babu sakamakon gwaji a hannu, ana ƙiyasta ta da rabin ƙarfin tsinkewa, matuƙar Sut bai haura 1400 MPa ba. Daga nan sama ana tsayawa a 700 MPa, domin sitil mai tsananin tauri ya fi jin ciwon ƙananan lahanin da ke cikinsa.

Ba kowane ƙarfe ke da wannan iyaka ba. Layin alminiyam ba ya kwantawa, yana ci gaba da gangarowa, shi ya sa ake ba da ƙarfinsa a wani adadi da aka zaɓa, galibi juyi miliyan 500. Sitil ɗin ma yakan rasa iyakarsa idan yana aiki cikin ruwa, musamman ruwan gishiri, ko inda tsatsa ke cin fatarsa. An kuma gano cewa sitil mai tauri sosai na iya karyewa bayan juyi biliyan, tsagar ta faro daga wata ƙwayar datti a can cikin ƙarfen. Saboda haka iyakar juriya alkawari ne mai sharaɗi: busasshen wuri, fata mai lafiya, da nauyin da ba ya tsallake iyaka lokaci zuwa lokaci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar Se′ a ɗora wa shaf na gaske. Shaf na gaske ya fi samfurin gwaji kauri, fatarsa tana ɗauke da sawun wuƙar da ta fere shi, kuma ba wanda ke son rabin shafofinsa su karye, alhali adadin ɗakin gwaji matsakaici ne. Don haka ake rage shi da ma'aunan Marin:

```
Se = ka · kb · kc · kd · ke · Se′
```

Ma'aunin ka na santsin fata ne, kb na kauri, kc na irin nauyin, kd na zafi, ke kuma na tabbacin da ake so. A lanƙwasa mai juyawa kc ɗaya ne, haka ma kd a zafin da inji ya saba aiki a ciki. Na fata ya fi kowane yin tasiri, kuma yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai sayen ƙarfe ya sani: gwargwadon ƙarfin sitil, gwargwadon yadda kaushin fata ke cutar da shi. Wanda ya sayi sitil mai tsada ya bar shi da fata mai kaushi ya zubar da yawancin abin da ya biya.

Matsakaiciyar takura da gyaranta

Iyakar juriya an auna ta ne a yanayin da ja da matsi suke daidai, wato matsakaicinsu sifili. A aiki ba kasafai ake samun haka ba. Duk takurar da ke hawa da sauka ana raba ta gida biyu: mai kai-kawo, σa, wadda ita ce rabin tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta, da matsakaiciya, σm, wadda ita ce tsakiyarsu. A shaf ɗin da bel ke ja, lanƙwasa ce ke ba da mai kai-kawo, murɗar da ke isar da ƙarfin inji kuma ta ba da matsakaiciya, tunda tana nan daram muddin inji na aiki. Akwai wani yanayi da ke rikita masu koyo. Idan nauyin yana juyawa tare da shaf ɗin, kamar fuli mai nauyi a gefe ɗaya, gefen da ya miƙe shi ne zai ci gaba da miƙewa a kowane juyi, don haka wannan lanƙwasar matsakaiciya ce, ba mai kai-kawo ba.

Matsakaiciyar takura ta ja tana buɗe bakin ƙananan tsagogi ta hana su rufewa, sai abin da ƙarfe zai iya jurewa na kai-kawo ya ragu. Gyaran matsakaiciyar takura shi ne lissafin wannan raguwa. Hanyoyi uku ne suka fi shahara: ta Gerber ta 1874, ta Goodman ta 1899, da ta Soderberg ta 1930. A cikinsu n shi ne ma'aunin aminci, wanda idan ya faɗi ƙasa da ɗaya shaf ya fita daga yankin juriya:

```
Goodman:    σa/Se + σm/Sut = 1/n
Soderberg:  σa/Se + σm/Sy  = 1/n
Gerber:     n·σa/Se + (n·σm/Sut)² = 1
```

Layin Gerber yana ratsa tsakiyar sakamakon gwaji na sitil mai laushi, saboda haka ya fi dacewa da mai binciken dalilin karyewar da ta riga ta faru. Layin Goodman yana bi ta ƙasan yawancin sakamakon, shi ya sa masu ƙira suka fi riƙe shi, kuma a ganina shi ya kamata a fara da shi idan ba a san tarihin ƙarfen sosai ba. Soderberg ya fi su taka-tsantsan, har yakan sa a yi shaf mai kauri fiye da bukata idan Sy ya yi ƙasa da Sut da nisa. Goodman da Gerber ba sa kare mai ƙira daga lauyewa a juyin farko, don haka dole a duba wannan daban. Sannan duka ukun na ja ne. Idan matsakaiciyar takura ta matsi ce, ba a saka ta da alamar ragi don a ci riba, sai a ɗauke ta sifili. Ribar matsi gaskiya ce, ita ce ma dalilin da ake harbin fatar shaf da ƙananan ƙwallayen ƙarfe ko a danne lungunsa da abin birgima, amma gwaji ne ke tabbatar da girmanta.

Misali: shaf ɗin injin niƙa

A ɗauki shaf irin na injin niƙan hatsi da bel ke juyawa, mai isar da kilowat 11 a juyi 750 cikin minti. An yi shi da sitil mai Sut na 630 MPa da Sy na 530 MPa, an fere shi a inji ba a goge ba. Fuli yana zaune a ƙarshensa inda kaurin yake milimita 30, daga nan kaurin ya hau zuwa 45 wajen boris. Wannan hawan shi ake kira kafaɗa, kuma lungunta an zagaye shi da lanƙwasa mai milimita 3. Jan bel gaba ɗaya niwton 2000 ne, tsakiyar fuli kuma tana nesa da kafaɗar da milimita 75.

Ƙarfin lanƙwasa a kafaɗa shi ne 2000 sau 0.075, wato 150 N·m. Ƙarfin murɗa kuma 9550 sau 11 a raba da 750, wato 140 N·m. Takurar da suke haifarwa a fatar shaf mai kauri d ita ce:

```
σ = 32·M/(π·d³) = 56.6 MPa
τ = 16·T/(π·d³) = 26.4 MPa
```

Waɗannan adadi ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da 630, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa su ce shaf ɗin ya fi ƙarfin aikinsa sau goma. Amma lissafin gajiya yanzu ya fara.

Da farko iyakar juriya. Rabin 630 shi ne 315. Fatar da aka fere a wannan sitil tana ba da ka kusan 0.82, kaurin milimita 30 yana ba da kb kusan 0.86, kuma idan ana son shaf 99 cikin 100 su tsira, ke zai zama kusan 0.81. Idan aka ninka su, Se ya sauko 180 MPa. Tun ba a taɓa maganar kafaɗa ba, an rasa fiye da kashi 40 cikin ɗari.

Sai kafaɗa. Duk inda kauri ya canza, takura takan taru a lungu, kuma kaifin lungun ne ke yanke yawan taruwar. A lungun da zagayensa ya kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin shaf, jadawali na ba da kusan 1.7 ga lanƙwasa da 1.5 ga murɗa. Sitil ba ya jin wannan taruwa gaba ɗaya a gajiya, sai wani kaso nata, a nan kusan 0.83 da 0.87, don haka ma'aunan da za a yi aiki da su su ne Kf na 1.58 da Kfs na 1.43. Murɗa kuma ana mayar da ita kwatankwacin ja ta hanyar von Mises, wato a ninka ta da √3:

```
σa = Kf · σ       = 89 MPa
σm = √3 · Kfs · τ = 65 MPa
```

Ba don matsakaiciyar takura ba, da ma'aunin aminci ya zama 180 a raba da 89, wato 2.0. Goodman ya sauko da shi 1.66, Soderberg 1.61, Gerber kuma ya bar shi a 1.93. Ta fuskar lauyewa babu damuwa, domin haɗaɗɗiyar takura mafi girma kusan 111 MPa ce, nesa da 530. Ta kowace hanya aka bi, wannan shaf yana cikin yankin juriya da rara mai kyau.

Yanzu a ce shaf ɗin ya lalace an kai wa mai fere ƙarfe ya yi wani. Ya auna kauri da tsawo daidai, ƙarfen ma iri ɗaya ne, amma ya bar lungun kafaɗa da zagayen milimita 0.6 kawai, domin haka bakin wuƙarsa yake, kuma fuli ya fi zama lif da kafaɗa. Da ido ba za a ga bambanci ba sai an sa farce. A lissafi kuwa Kf ya tashi zuwa 2.17, Kfs zuwa 1.89, σa ya zama 123, σm ya zama 86, ma'aunin Goodman ya faɗo 1.22. Har yanzu shaf ɗin zai rayu, sai dai rararsa ta ƙare. Idan kuma bel ya fara sulɓewa, mai inji ya ɗaure shi tam har jansa ya kai niwton 3000, σa zai hau 184, ma'aunin ya koma 0.86. Shaf ɗin ya fita daga yankin juriya, tambayar ta koma yaushe zai karye.

Ƙiyasin rayuwa

Don amsa ta, ana mayar da takurar biyu zuwa guda ɗaya mai kai-kawo zalla wadda ɓarnarta ta yi daidai da tasu, sannan a nemi adadin juyi a kan layin da Basquin ya bayyana a 1910. Ga wannan sitil, layin ya taso daga kusan 542 MPa a juyi dubu zuwa 180 MPa a juyi miliyan:

```
σar = σa/(1 − σm/Sut) = 213 MPa
N = 10⁶ · (Se/σar)^6.27 ≈ 350,000
```

Shaf mai juyi 750 a minti yana yin juyi 45,000 a awa. Juyi 350,000 ke nan bai cika awa takwas na aiki ba. Da an yi watsi da matsakaiciyar takura, an yi lissafi da 184 kai tsaye, da an samu juyi kusan 870,000. Gyaran da ya ƙara kashi 16 kacal a takura ya cinye fiye da rabin rayuwar. Lambar 6.27 da ke sama ce ke jawo haka: ƙarin kashi goma a takura yana kusan raba rayuwa biyu.

Bai kamata a karanta wannan adadi kamar agogo ba. Tunda an saka tabbacin 99 cikin 100 a cikin Se, awa takwas ɗin lokacin da mafi rauni a cikin shafofi da yawa zai iya karyewa ne, kuma da dama za su ninka shi sau da yawa. Sakamakon gwajin gajiya yakan warwatsu har sau goma tsakanin sanduna iri ɗaya. Amma ko an ninka awa takwas sau goma, makonni biyu ne na niƙa. Wannan ne abin da ya bambanta shaf da sassa irin su ƙugiyar ɗaga kaya, waɗanda ke shan nauyi sau ɗaruruwa a rana. Shaf ɗin misalinmu yana cika juyi miliyan a cikin awa 22. Don haka ƙirar shaf mai saurin juyi a kan rayuwa mai iyaka ba ta da ma'ana a mafi yawan lokuta: dole takurar yau da kullum ta zauna ƙasa da iyakar juriya. Lissafin Basquin yana amfani ne wajen nauyin da ke zuwa jefi-jefi, kamar lokacin tayar da inji ko sa'ad da dutse ya shiga tsakanin faranti.

Irin waɗannan ana tara su da ƙa'idar Palmgren da Miner, ta 1924 da 1945: a raba juyin da aka yi a kowane mataki da juyin da matakin zai iya ɗauka, a haɗa, idan jimillar ta kai ɗaya rayuwa ta ƙare. Ƙa'idar ba ta la'akari da wanne nauyi ya riga wanne, kuma tana ɗauka cewa juyin da ke ƙasa da iyakar juriya ba ya ɓarna. Wannan na biyun ba gaskiya ba ne bayan tsaga ta fara, domin daga nan ko ƙaramar takura tana tura ta gaba.

Iyakokin lissafin

Misalin ya ɗauki murɗa a matsayin tsayayya, wanda ya yi kusa da gaskiya ga motar lantarki. Injin dizal mai silinda ɗaya yana bugun ƙarfi ne sau ɗaya a juyi biyu, kuma ko da babban gardi ya rage bugun, wani kaso na murɗar zai shiga cikin σa. Akwai kuma saɓani a kan ko ya dace a ninka matsakaiciyar takura da Kfs, tunda sitil mai laushi yakan ɗan lauye a lungu ya sauke wa kansa taruwar. Gwaje-gwaje sun nuna tsayayyiyar murɗa ba ta cutar da juriyar lanƙwasa kamar yadda Goodman ke nunawa, muddin ba ta kusanci lauyewa ba. Ninkawar da aka yi a nan ɓangaren taka-tsantsan ce, kuma farashinta bai kai milimita ɗaya ba a kauri.

Kafaɗa ba ita kaɗai ce wurin dubawa ba. Gurbin ki, wanda aka yanka da wuƙa mai kai tsaye, yana tara takura fiye da sau biyu a lanƙwasa da kusan sau uku a murɗa, kuma abin ya fi muni idan ƙarshensa ya zo dab da kafaɗa. Ƙarƙashin fuli ko boris da aka danna, ɗan motsin da ido ba ya gani yana goge fata ya haifar da tsaga, kuma alamarsa garin tsatsa ja-ja ne a bakin mazaunin. Cike shaf da ya cinye da walda a sake fere shi ya fi duka haɗari, domin walda tana barin takurar ja a cikin ƙarfe, wato matsakaiciyar takurar da ba ta cikin lissafin kowa, tare da ƙananan tsagogi a iyakar wurin da ya yi zafi.

Karanta fuskar karaya

Karyayyen shaf yana ɗauke da bayanin abin da ya same shi, don haka kada a goge fuskokin biyu ko a haɗa su a gwada. Karayar gajiya tana da yanki biyu. Na farko mai santsi ne, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin kogi idan yana janyewa, kowane layi yana nuna inda tsaga ta tsaya sa'ad da aka kashe inji ko nauyi ya canza. Idan aka bi su baya za a isa inda ta faro. Na biyu mai kaushi ne, shi ne ragowar da ya tsinke farat ɗaya.

Idan yankin kaushin ƙarami ne, nauyin bai yi yawa ba, laifin yana ga wani lahani a mafarin tsagar. Idan babba ne, shaf ɗin yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa. Tsagogi da yawa da suka faro kewaye da fata, da ƙananan matakai a tsakaninsu da yankin kaushi can wajen tsakiya, alama ce ta lungu mai kaifi ko takura mai yawa, kamar shaf na biyu a misalinmu. Karayar da ta yanke shaf a miƙe ta lanƙwasa ce, wadda ta karkata da kusan digiri 45 kuma ta murɗa mai kai-kawo ce, kuma ita tana tura mai bincike ga bugun inji maimakon jan bel. Kafin a kai ga karaya, ana iya gano tsaga da jan ruwan rini mai shiga tsaga ko da garin ƙarfe da maganaɗisu, bayan an cire fuli an wanke kafaɗa da gurbin ki da kyau. Shaf ɗin da aka ga tsaga a jikinsa musanya shi ake yi, a kuma rubuta zagayen lungun kafaɗa a takardar awon da za a ba mai ferewa.